Yadda Ake Lissafin Yawan Barin Aiki, da Abin da Alƙaluman Ke Faɗa Game da Ma'aikata

Lissafin yawan barin aiki rabawa ɗaya ce kacal. Ka ƙirga mutanen da suka bar wurin a cikin shekara, ka raba da matsakaicin yawan ma'aikatan da ke wurin a wannan shekarar, ka ninka da 100. Abin da ya fito shi ne kason barin aiki. Wahalar tana wuri biyu ne: wa za a ƙirga, sannan idan lambar ta fito me take nufi. Wurare biyu za su iya samun kashi 30 cikin ɗari iri ɗaya, ɗaya yana tafiya lafiya lau, ɗayan kuwa gininsa na zaizayewa ta ƙasa mai shi bai sani ba.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: makarantar kuɗi mai firamare da sakandare, a shekarar karatu daga 1 ga Satumba 2024 zuwa 31 ga Agusta 2025. Alƙaluman makarantar na misali ne, na tsara su don a ga yadda aikin yake. Mai asibiti ko gidan burodi ko kamfanin ruwan leda zai iya bin wannan hanyar ba tare da ya canza komai ba sai sunayen sassa.

Fara da takardar albashi

Kada ka dogara da tunanin shugaban makaranta ko na manaja. In ka tambaye shi mutum nawa suka tafi bana, zai tuna waɗanda tafiyarsu ta yi masa ciwo, ya manta da mai shara da ta yi wata biyu ta ɓace. Takardar biyan albashi ta wata-wata ita ce ba ta mantuwa, domin duk wanda ya yi aiki sai ya karɓi kuɗi. Ka jera takardun wata goma sha biyu, ka ƙara da ta Agustan bara, ka bi su suna bayan suna. Sunan da ya bayyana a wata alhali ba ya cikin na baya, sabon ɗauka ne. Wanda ya ɓace, ya tafi, ko kuma akwai bayanin da sai ka nema.

Daga nan ka buɗe rajista guda, layi ɗaya ga kowane mutum, da gida biyar: suna, sashe, ranar kama aiki, ranar barin aiki, da yadda ya bari. Wanda yake nan har yanzu a bar masa gidan ranar barin aiki ba komai. Idan mutum ya tafi ya sake dawowa, a buɗe masa sabon layi, kada a goge tsohon.

Ranar barin aiki tana da ɗan rikici. Akwai ranar da mutum ya kawo takardar ajiye aiki, akwai ranar da ya yi aikinsa na ƙarshe. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tanadi notis ɗin kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, da wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. A aikace kuwa da yawa ba sa ba da notis. Malami ya karɓi albashin Disamba, a dawo hutu a Janairu a tarar da wayarsa a kashe. Hanya mafi tsafta ita ce a rubuta ranar aiki ta ƙarshe ga kowa, a tsaya a kan haka kowace shekara. Malamin nan da ya ɓace, a Disamba ya tafi, ko da sai tsakiyar Janairu aka gane.

Wa za a ƙirga

Ƙa'idar ita ce duk wanda aka cire daga sama, a cire shi daga ƙasa. Wato in ba za ka ƙirga tafiyar wani rukuni ba, kada ka ƙirga su cikin yawan ma'aikata.

Makarantarmu tana da masu yi wa ƙasa hidima shida. Hidimarsu shekara ɗaya ce, tun ranar da suka zo an san ranar tafiyarsu, don haka tafiyar ba ta faɗa maka komai game da makarantar. A ware su gefe. Haka ɗaliban koyon aikin malanta da ke zuwa na 'yan watanni, da leburorin da ake biya kullum. Matar da ke hutun haihuwa, da wanda ya tafi aikin Hajji, da wanda aka ba hutun ƙaro karatu, duk ma'aikata ne, ba su tafi ba, ko da sunansu ya fita daga takardar albashi na ɗan lokaci. Malamar da aka ɗauke daga firamare aka kai sakandare ba ta bar makarantar ba. Za ta shiga lissafi ne kawai idan ana auna sashen firamare shi kaɗai, kuma ko a nan gara a rubuta ta daban.

Malamai masu zuwa kwana biyu a mako fa? In suna cikin takardar albashi ta wata-wata, a ƙirga kowannensu mutum ɗaya. Kawuna ake ƙirgawa a nan, ba awoyin aiki ba.

Lissafin kansa

Bayan wannan tacewar, makarantar ta shiga shekara da ma'aikata 58. Ta ɗauki 22 a cikin shekarar, 18 suka tafi, ta rufe da 62. Kafin ka ci gaba ka tabbata lissafin ya rufe: 58 a tara da 22 a ɗebe 18, ya ba da 62. In bai yi daidai da takardar albashin Agusta ba, to akwai sunan da ya kuɓuce, ka koma ka nemo shi. Yawanci wanda ya zo ya tafi a cikin zango ɗaya ne.

```
matsakaici = (58 + 62) / 2 = 60
kason barin aiki = 18 / 60 × 100 = 30%
```

Da an bar masu hidimar ƙasa a ciki, da lissafin ya zama 24 a kan 66, wato kashi 36.4. An ƙara kashi shida da ɗoriya ke nan ba tare da wani abu ya faru ba.

Matsakaicin farko da ƙarshe yana aiki ne idan yawan ma'aikata bai cika hawa da sauka ba. Makaranta kuwa takan cika a Satumba ta rage a Yuli, kamar yadda kamfanin casar shinkafa ke cika da kaka. A irin wannan wurin an fi samun gaskiya idan aka ƙirga ma'aikata a ƙarshen kowane wata, aka tara, aka raba da 12. A makarantarmu jimillar ta ba da 756, matsakaici 63, kason ya sauko zuwa 28.6. Bambancin bai taka kara ya karya ba a nan, don haka za mu ci gaba da 60 saboda sauƙi. Abin da ba a so shi ne a yi bana da wannan hanya, baɗi da waccan, sannan a ce an samu ci gaba.

Mai amfani da Excel ba sai ya ƙirga da hannu ba. In ranar kama aiki tana gidan C, ranar barin aiki tana gidan D, layi na farko a ƙasa zai ƙirga waɗanda suka tafi a shekarar, na biyu kuma zai ba da yawan ma'aikata a duk ranar da aka rubuta a G1.

```
=COUNTIFS(D:D,">="&DATE(2024,9,1),D:D,"<="&DATE(2025,8,31))
=COUNTIFS(C:C,"<="&G1)-COUNTIFS(D:D,"<="&G1)
```

Don samun yawan farkon shekara, a rubuta 31 ga Agusta 2024 a G1. In amsar ta fito sifiri ko ta yi ƙasa sosai, kusan kullum dalilin shi ne an shigar da ranakun a matsayin rubutu, kwamfuta ba ta gane kwanan wata ba ne.

Tarkon wata da shekara

A Disamba mutum uku suka tafi cikin 63, kashi 4.8 ke nan a wata. Wani zai ninka da 12 ya shiga ofishin mai makaranta da kashi 57 yana cewa gida ya kama da wuta. Ba haka ba ne, Disamba ƙarshen zango ne, lokacin tafiya ne. A Fabrairu babu wanda ya tafi, shi ma ba ya nufin an warke. Wanda yake son bibiya wata-wata, sai ya riƙa tara watanni goma sha biyu na baya a kowane lokaci: a ƙarshen Maris ya lissafa daga Afrilun bara, a ƙarshen Afrilu daga Mayun bara. Ta haka kowane lissafi yana ɗauke da Disamba ɗaya da Yuli ɗaya, hawa da saukar da ka gani kuwa ta gaske ce.

Wannan tarkon yana kama mutane idan suna kwatanta kansu da alƙaluman waje. Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka tana fitar da nata ne wata-wata. Ta ba da rahoton cewa a Nuwamba 2021 kimanin mutum miliyan 4.5 sun ajiye aiki da kansu, kashi 3 cikin ɗari na ma'aikata. Wanda bai lura ba zai ce ai kashi 3 ba komai ba ne. Alhali na wata ɗaya ne, kuma a lokacin shi ne mafi yawa tun da hukumar ta fara wannan ƙidayar a ƙarshen 2000.

Fasa lambar

Kashi 30 yanzu yana hannunmu, amma har yanzu ba mu san komai ba. Sai an fasa shi, kuma fasawar farko ita ce ta yadda aka tafi. Cikin 18 ɗin nan, 12 da kansu suka ajiye, 3 sallamar su aka yi, sauran ukun kuma ɗaya tsufa ya sa ya huta, ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa. A kan 60, masu ajiyewa da kansu kashi 20 ne, sallama kashi 5, sauran kashi 5.

Kowanne da abin da yake faɗa. Masu ajiyewa da kansu hukunci ne da ma'aikata suka yanke wa wurin. Sallama hukunci ne da wurin ya yanke, kuma in ta yi yawa, musamman a kan sababbi, laifin yana komawa kan wanda ke ɗaukar ma'aikata, domin shi ya zaɓo su. Rukuni na uku babu ruwan kowa. A lura da wani abu da ke ɓata wannan rabon: sau da yawa ana kiran mutum a ce masa ya rubuta takardar ajiye aiki don a rufa masa asiri. A rajista wannan sallama ce, a rubuta ta a haka, in ba haka ba za a cika gidan masu ajiyewa da mutanen da dama so ake su tafi.

Fasawa ta biyu ta sashe ce, kuma a nan ne hoton yake fara fitowa. Malaman firamare matsakaicinsu 24, huɗu suka tafi, kashi 16.7. Masu gadi da direbobi da masu shara da 'yan ofis su 16 ne, uku suka tafi, kashi 18.8. Malaman sakandare 20, amma 11 suka tafi, kashi 55. Ashe makarantar ba ta da matsalar kashi 30 a ko'ina. Sassa biyu suna ƙasa da 20, ɗaya ya haura rabi.

Ka ƙara shiga cikin sakandaren. Malaman lissafi da kimiyya gurbi shida ne, amma mutum bakwai suka bar waɗannan gurabun a shekara ɗaya, kashi 116.7. Kada wanda ya ga lambar ta haura ɗari ya ɗauka kuskure ne. Gurbi ɗaya yana iya cin mutum uku a shekara, kuma abin da ya faru ke nan: tsohon malamin lissafi na manyan azuzuwa ya tafi a Disamba, wanda ya gaje shi ya tafi a Maris, na ukun ya tafi a Yuli. Gurbin Fiziks ya ci biyu, na Kemistiri ya ci biyu. Kujeru uku ne kacal suka samar da bakwai daga cikin 18 na makarantar gaba ɗaya.

Sai dai a yi hattara da ƙananan rukunai. A sashe mai mutum takwas, mutum ɗaya kashi 12.5 ne. In direba ɗaya ya tafi bara, biyu bana, kason ya ninka, amma ba wani labari a ciki. Ni a ganina duk rukunin da bai kai mutum ashirin ba, a faɗi kawunan tare da kason, a ce bakwai a gurbi shida, kuma a duba shekara biyu ko uku kafin a ɗora wa shugaban sashen laifi.

Tsofaffi ne ke tafiya ko sababbi

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani, kuma ita aka fi tsallakewa. Ka koma kan mutum 58 da aka fara shekara da su, ka ga nawa ne suke nan a ƙarshe. A makarantarmu 50 suna nan.

```
kason zama = 50 / 58 × 100 = 86.2%
```

Wato takwas ne kawai suka tafi daga tsofaffin. Sauran goman daga cikin sababbi 22 suka fito, kashi 45.5. Kusan rabin waɗanda aka ɗauka ba su ga ƙarshen shekarar ba. Kuma wannan lambar ma ta yi musu sassauci, domin wanda aka ɗauka a Mayu bai samu cikakkiyar shekarar da zai tafi a cikinta ba tukuna.

Ka sa lambobin biyu gefe da gefe. Barin aiki kashi 30, zama kashi 86. Wannan na nufin wurin yana da ginshiƙai da ke zaune daram, sai wasu 'yan kujeru da ake ta zuba mutane suna zubewa, kamar ɗibar ruwa a kwando. Matsalar tana bakin ƙofa: yadda ake ɗauka, abin da ake faɗa wa mutum kafin ya zo, abin da yake tararwa a watanninsa na farko.

Da a ce wata makaranta ce mai kashi 30 iri ɗaya, amma 16 daga cikin 18 ɗin tsofaffi ne, da kason zamanta ya faɗo zuwa 42 a kan 58, kashi 72.4. Wannan ciwo ne daban, kuma ya fi tsanani. Mutanen da suka shekara biyar, bakwai, suka san iyayen yara, suka san inda kowane fayil yake, ba sa tashi haka kawai. In suka fara fita tare, a duba abin da ya canza kwanan nan: sabon shugaba, albashin da ya tsaya cik kayan masarufi na tashi, ko an ɗauko wani daga waje an ɗora a kansu. Maganin waccan makarantar ba zai yi wa wannan aiki ba, ga shi kuwa lambar saman ɗaya ce.

Lokacin tafiya ma yana magana. Bakwai daga cikin 18 sun tafi a Yuli da Agusta, biyar a Disamba da Janairu, shida a tsakiyar zango. Malamin da ya jira ƙarshen shekara ya tafi, ya rabu da ku cikin mutunci, wataƙila ya samu inda ya fi. Wanda ya ajiye alli a Maris, ɗaliban aji shida na shirin WAEC a Mayu, wannan ya ƙosa ne. Akwai kuma makarantun da ba sa biyan albashin watan hutu. In taku na cikinsu, tafiyar Yuli ba abin mamaki ba ce, tunda kun saki mutum wata guda ba ko sisi, yana da lokacin neman wani wuri kuma yana da dalili.

Dalilin da ake faɗa da inda aka tafi

Alƙaluma sun nuna inda ciwon yake, amma ba su faɗi sanadinsa ba. Sai an tambayi mutane, kuma a nan kunya tana shiga tsakani. Malami ba zai zauna gaban mai makaranta ya ce aikin ya yi yawa kuɗin ya yi kaɗan ba. Zai ce, “Ranka ya daɗe, zan koma karatu ne,” ko “Hajiya, maigida ne ya ce in huta.” In ka tara waɗannan amsoshin, za ka kammala cewa babu wanda ya tafi saboda makarantar.

Hanyoyi biyu ne ke rage wannan. Na farko, kada shugaban mutum kai tsaye ya yi tambayar. A sa wani da yake sakewa da shi, kuma bayan an biya shi haƙƙinsa na ƙarshe an ba shi takardar shaidar aiki, lokacin da babu abin da yake tsoron rasawa. Tambayar “me ya sa za ka tafi” ba ta cika fitar da komai ba. “Yaushe ka fara neman wani wuri, me ya faru a lokacin” ta fi ta nesa ba kusa ba. Na biyu, a bibiyi inda mutum ya sauka bayan wata biyu ko uku, abokan aikinsa sun sani. Cikin 12 ɗin makarantarmu, huɗu suna koyarwa a wasu makarantun kuɗi a cikin garin, uku sun samu aikin gwamnati, biyu aure ko ƙaura ta ɗauke su, ɗaya ya koma karatu da gaske, biyu ba a san inda suke ba.

Aure da ƙaura da karatu ba a hannun makaranta suke ba. Aikin gwamnati ma da wuya makarantar kuɗi ta ja da shi, saboda fansho da kwanciyar hankali, kuma shekarar da jiha ta ɗauki malamai da yawa kowace makaranta a garin za ta ji a jikinta. Huɗun nan da suka tsallaka titi suka ci gaba da aiki iri ɗaya, su ne saƙon. Ba koyarwa suka bari ba, wannan makarantar suka bari.

Da aka bi diddigi, sai ga abin da ya fito. Ana gaya wa sabon malamin kimiyya zai ɗauki darasi 24 a mako. Ya zo ya tarar da 34, saboda gurbin da ke kusa da shi babu kowa an raba musu nauyin. Ya yi zango ɗaya ya tafi, nasa nauyin ya koma kan na gaba. Kowace tafiya tana haifar da ta bayanta. Ga albashin naira 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024, alhali daga Maris 2025 mai hidimar ƙasa da ke aji na kusa yana karɓar 77,000 daga gwamnatin tarayya. Mai digirin Fiziks yana da inda zai je, ko da darasin gida ne na yamma.

Nawa tafiyar ke ci

Mai makaranta yakan fi jin maganar idan an mai da ita naira. A ce neman malami da gwada shi a aji na cin 25,000, biyan wanda ya riƙe ajin na mako shida 45,000, horaswa da kayan aiki 20,000. Jimilla 90,000 kan kowane mutum, sau bakwai 630,000. Ƙarin 15,000 a wata ga malamai shida kuwa zai ci 1,080,000 a shekara. In a nan aka tsaya, barin su su yi ta tafiya ya fi arha, kuma masu makarantu da yawa a nan suke tsayawa. Abin da ba ya cikin lissafin shi ne iyayen da suka gaji da jin an sake canza malamin lissafi. In kuɗin makaranta 60,000 ne a zango, ɗalibai uku kacal da aka cire sun tafi da 540,000 a shekara, jimillar asarar ta zama 1,170,000, ta wuce kuɗin ƙarin. Duk da haka ba zan ce ƙarin albashi shi kaɗai zai tsayar da su ba. Tunda darasi 34 ne ke korar su, wataƙila ɗaukar malami na bakwai ya fi ƙarin amfani, kuma a 70,000 a wata kuɗinsa 840,000 ne.

Kashi nawa ne daidai

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Gidan abinci da kamfanin masu gadi kullum suna sama, saboda aikin ba ya buƙatar dogon horo kuma mutane na ɗaukarsa a matsayin zango. Ma'aikatar gwamnati kullum tana ƙasa, yawancin fitarta ma ritaya ce da aka san ranarta tun da wuri, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta kai su 65 ko 40. Kwatanta makarantar kuɗi da ɗayan waɗannan ɓata lokaci ne. Kwatancen da ke da amfani shi ne wurin da kansa a shekarun baya, da sashe da sashe, sai kuma makwabta masu sana'a iri ɗaya in za su faɗi gaskiya kuma hanyar ƙirgarku ɗaya ce.

Ƙarancin lambar ma ba kullum ne albishir ba. A lokacin da aiki ke wuyar samu, mutane na zama a inda ba sa so, jiki na nan zuciya na waje. Ana gane haka ta wasu alamomin: makara, yawan neman izini, malami yana aji yana cinikinsa a waya. Wurin da ya shekara biyar bai sallami kowa ba, ko dai ya iya zaɓe ƙwarai, ko kuma ba a duba aikin kowa.

Shi ya sa nake ba da shawarar ƙara gida na shida a rajistar, a amsa da i ko a'a: da za mu iya, za mu riƙe shi? A cika shi a makon da mutum ya kawo takarda, kuma gwargwadon yadda aka auna aikinsa kafin nan, domin bayan ya tafi kowa sai ya ce dama ba shi da amfani. A makarantarmu bakwai daga cikin 12 sun samu i, kashi 11.7 na ma'aikata, kuma biyar daga cikinsu malaman kimiyya ne.

Ga shekara mai zuwa, makarantar ba ta buƙatar ta jira Agusta kafin ta san ko gyaran ya yi aiki. Ta ware sunayen waɗanda ta ɗauka a Satumba a shafi guda, ta ƙirga nawa ne suke nan a ƙarshen zangon farko, da na biyu, da na uku, ta rubuta yawan darasin kowane malamin kimiyya kusa da sunansa. In ta ɗauki goma, tara suka dawo a Janairu, kuma babu mai darasi sama da 26, to an kama hanya. In shida ne suka dawo, a sake zama da waɗanda suka rage tun kafin zango na biyu ya yi nisa.